Me ya sa Bayarabe ke da "kai" iri biyu?

Tambaya: Shekarata biyu a Agege ina sayar da kayan waya, kuma na fara jin Yarbanci. Kwanakin baya matar mai gidan da nake haya ta miƙo min ruwa, na ce mata "o ṣe", sai ta ɓata fuska ta ce ita ba sa'ata ba ce. Abokina mai zuwa Kwatano ya ce Faransanci ma haka yake. Me ya sa wasu harsuna ke da "kai" na manya da na yara, mu ba mu da shi? Ko sun fi mu ladabi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba su fi mu ladabi ba, mu ma ba mu fi su ba. Abin da ya bambanta shi ne wurin da kowane harshe ya ajiye ladabinsa. Yarbanci ya ajiye nasa a cikin wakilin suna, wato 'yan ƙananan kalmomin nan irin su ka, ki, ku, kuma wannan wuri ne da ba a iya tsallakewa. Da wuya ka yi jimla biyu da mutum ba ka ambace shi ba, don haka duk lokacin da Bayarabe ya buɗe baki sai ya bayyana matsayin da ya ɗauki wanda ke gabansa, ko yana so ko ba ya so. Hausa ta rarraba nata a wurare da yawa: a laƙabi, a kirari, a kauce wa suna, a durƙuso. Shi ya sa Bahaushe ke iya ce wa sarki "ranka ya daɗe", da ka ɗin nan da yake ce wa ƙaninsa, kuma babu dogarin da zai ɗaga masa bulala.

Mu fara da Yarbancin, tunda shi ne ke gabanka kullum. Zan rubuta kalmomin ba tare da alamomin karin sauti ba, kamar yadda 'yan Legas ke rubutawa a waya.

Asalin tsarin ba na ladabi ba ne, na lissafi ne. O shi ne ka ko ki, na mutum ɗaya, domin Yarbanci bai raba namiji da mace a nan. Ẹ kuma shi ne ku, na mutane da yawa. Idan ana son ƙarfafawa sai a ce iwọ, wato kai ko ke, da ẹyin, wato ku. Abin da Yarbawa suka yi shi ne suka ɗauki na jam'in suka ba mutum ɗaya idan ya girme ka ko ya fi ka matsayi. Saboda haka o ṣe da ẹ ṣe duk godiya ce, amma ta farko godiyar sa'a ce ko ta na ƙasa, ta biyu kuma ta babba. Kai a zuciyarka "na gode" kawai ka faɗa. Ita kuwa abin da kunnenta ya ji shi ne yaro ɗan shekara ashirin da wani abu ya jera kafaɗa da ita a tsakar gidanta.

Akwai tarko uku da na lura Hausawan Legas na faɗawa, har da waɗanda suka shekara ashirin a Idi-Araba ko Mile 12 suna ciniki da Yarbanci.

Na farko, mutum yana zaton idan bai ambaci wakilin suna ba ya tsira. Bai tsira ba. A Yarbanci umarnin da ba shi da wakilin suna shi ne na yaro. Wa na nufin zo, jokoo na nufin zauna, ma binu na nufin kada ka yi fushi, wato yi haƙuri. Ga babba dole ka sa ẹ a gaba: ẹ wa, ẹ jokoo, ẹ ma binu. Gaisuwa ma haka take. Kaarọ kawai gaisuwar safe ce ta abokai, ta manya ita ce ẹ kaarọ. Ku iṣẹ, sannu da aiki, na yaron shago ne, na mai shagon kuma ẹ ku iṣẹ. To ka ga mutum na iya ba dattijo haƙuri da ma binu, ya ƙara laifi a kan laifin da yake neman a yafe masa.

Na biyu shi ne mafi muni, domin masu ƙoƙarin gyarawa yake kamawa. An gaya wa mutum ẹ ne na girmamawa, sai ya riƙa cusa shi ko'ina. Alhali ẹ na girmamawa ne kawai idan ya zo kafin aikatau, a matsayin mai yin aikin. Idan ya zo bayan aikatau ko bayan suna, wata kalma ce dabam, gajeren nau'in na mutum ɗaya, kuma ta sa'a ce. Mo ri ẹ na nufin na gan ka, irin wanda za ka ce wa abokinka. Ga babba mo ri yin ake cewa. Orukọ ẹ shi ne sunanka na yau da kullum, orukọ yin shi ne na girmamawa. Ka ɗauki mai tumatir a Mile 12 da wata dattijuwa ta zo saye. Ya tare ta da ẹ kaabọ ma, wato sannunku da zuwa madam, daidai. Ya tambaye ta ki lẹ fẹ ra, me kuke son saya, daidai, domin da yarinya ce ki lo fẹ ra zai ce. An yi ciniki an gama, ya miƙa mata canji ya ce ẹ gba ṣenji ẹ. A nan ya zame. Rabin jimlar farko ya ɗaga ta, rabin ƙarshe ya sauke ta, kamar a ce da Hausa "ku karɓi canjinki". Abin da ya dace shi ne ẹ gba ṣenji yin. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: a gaba ẹ, a baya yin.

Na uku, girmamawar ba ta tsaya ga wanda kake magana da shi ba, tana bin wanda ake maganarsa ko da ba ya wurin. Idan ɗan mai gida ya tambaye ka ina mahaifinsa, amsar ladabi ita ce wọn ti jade, sun fita, ko da dattijon shi kaɗai ya fita. Idan ka ce o ti jade, ya fita, da wani o mai karin sauti dabam da ke nufin shi ko ita, ɗan zai ji ka raina ubansa a gabansa. Wannan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, mu ma muna cewa "su Baba sun fita" muna nufin mutum ɗaya. Bambancin shi ne a wurinmu ƙawa ce ta magana, wanda ya ce "Baba ya fita" bai yi laifi ba, a wurinsu kuwa wajibi ne.

Yadda za ka gane ka yi kuskure ba wuya. Ko dai a tambaye ka da wa kake magana, ko a ce maka ba sa'anka ba ne, ko kuma, wanda ya fi yawa ga baƙo, a maimaita maka jimlarka a gyare da ɗan murmushi. Idan ka ji an ce da wani yaro ko lẹkọọ, ana nufin ba shi da tarbiyya, kuma zargin iyayensa yake taɓawa, ba shi kaɗai ba. Wannan ne ya sa abin yake da zafi a wurinsu.

Yanzu ga tambayar me ya sa. A 1960 wasu masana biyu 'yan Amurka, Roger Brown da Albert Gilman, suka fitar da maƙalar da har yau daga ita ake fara wannan bahasi. Sun nazarci harsunan Turai kamar Faransanci, Jamusanci da Italiyanci, suka bi sawun abin zuwa Latin, inda tu yake na mutum ɗaya, vos kuma na jama'a. Sun kawo bayanin cewa wajen ƙarni na 4 aka fara kiran sarkin Rum da vos, a lokacin da daular ke da sarakuna biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sai magana da ɗaya ta zama kamar magana da duka biyun. Daga fada abin ya gangaro zuwa masu mulki, daga nan zuwa gari. Tu da vous da abokinka ke ji a Kwatano jikokin waɗannan kalmomi ne.

Labarin yana da daɗin ji, amma ni ban ɗauke shi a matsayin cikakken dalili ba, kuma hujjata tana nan Legas. Yarbawa ba daga Rumawa suka koyi ẹ ba. Mutanen Indiya masu Hindi da suke da hawa uku, tu da tum da aap, su ma ba daga can suka ɗauko ba. Idan al'ummomin da ba su haɗa tarihi ba suka faɗa kan dabara ɗaya, to tushen dabarar yana cikin halin ɗan Adam ne, ba cikin fadar wani sarki ba.

Tushen, a ganina, shi ne cewa nuna mutum kai tsaye yana da nauyi. Idan na ce "kai", na tsame ka daga cikin jama'a, na tsayar da kai gabana, kuma duk abin da ya biyo baya, tambaya ce ko umarni ko roƙo, a kanka kaɗai ya sauka. Tsakanin abokai wannan kusanci ne. Daga ƙarami zuwa babba kuwa yana kama da nuna shi da yatsa. Jam'i yana rage wannan kaifi. Idan na ce "ku", na bar maka ƙofa, kamar ba kai kaɗai nake nufi ba. Sannan akwai ma'ana ta biyu da ta dace da al'ummomi irin namu: babban mutum ba shi kaɗai ba ne, yana da iyali da mabiya a bayansa, don haka kiransa da jam'i yarda ce da cewa shi mai jama'a ne. Penelope Brown da Stephen Levinson sun faɗaɗa irin wannan bayani a littafinsu kan ladabin magana na 1987.

Jam'i ba shi kaɗai ne hanyar kaucewa ba. Wasu harsuna sun bi ta mutum na uku, suna magana da kai kamar ba ka wurin. Sie na Jamusanci asalinsa "su" ne. Wasu kuma sun ɗauki laƙabi suka yi ta amfani da shi har ya sirance ya zama wakilin suna. Usted na Sifaniyanci daga vuestra merced ya fito, kalmomi biyu masu nufin wani abu kamar "alherinku", waɗanda baki ya tauna shekara da shekaru har suka dunƙule. Wanda ya taɓa zama a Masar ya san hadritak, daga kalmar halarta, wadda ake sawa a madadin inta, wato kai, idan ana magana da babba.

Ka duba da kyau, duk waɗannan hanyoyi muna da su a Hausa. Muna da jam'in: a gidaje da yawa ɗa ba ya ce wa mahaifinsa "ka dawo?", sai dai "kun dawo?", suruki kuwa balle. Muna da mutum na uku: almajiri yana gaban malaminsa yana cewa "Malam ya tashi lafiya?" ko "Allah gafarta Malam", fadawa suna gaban sarki suna cewa "sarki ya gaishe ka" alhali ga sarkin nan zaune. Har muna da wata dabara da ta fi waɗannan wayo, wato "an". "An tashi lafiya?" "An dawo?" "A sauka lafiya." Babu kai, babu ku, an gaisa ba a nuna kowa ba. Ka lura da mace mai kunyar surukinta, ko uwa mai alkunyar ɗan fari, za ka ga rabin zancenta da "an" take yin sa. Abin da ba mu yi ba kawai shi ne ba mu mayar da ɗaya daga cikinsu doka ba. Muna da zaɓi, kuma ka bai zama zagi ba. Ni kaina ga shi tun ɗazu da ka nake yi maka magana, kuma da Alhaji ne mai furfura ya aiko tambayar nan, da wuya in canza fiye da 'yan wurare.

Kuma kada ka ɗauka mu ne bare a duniya. Wani masani Bajamushe, Johannes Helmbrecht, ya duba harsuna 207 don babban kundin tsarin harsunan duniya da aka fara bugawa a 2005. A cikinsu 136 ba su da wannan bambanci a wakilin suna ko kaɗan. Guda 49 suna da hawa biyu irin na Faransanci, 15 suna da fiye da biyu, 7 kuma, irin su Japananci, sun fi son a kauce wa wakilin sunan gaba ɗaya a yi amfani da laƙabi. Wato masu "kai" iri biyu su ne 'yan tsiraru. Abin da ya sa ake ganin kamar sun cika duniya shi ne sun yi yawa a Turai, inda maƙwabta suka yi ta kwaikwayon juna, kuma harsunan Turai ne ake koyarwa a makarantu.

To me zaɓin yake faɗa? A nan ne maƙalar 1960 ɗin ta yi aikin da ya sa ba a manta da ita ba. Ta nuna cewa kalma ɗaya ba ta isa a fassara ta ba, sai an ga abin da ka bayar da abin da aka mayar maka. Yanayi uku ne. Idan ka ba da ẹ aka mayar maka da o, akwai sama da ƙasa, kuma ku biyun kun amince da hakan. Idan kun ba juna o, ku sa'o'i ne ko aminai. Idan kun ba juna ẹ, akwai mutunci amma akwai tazara, ko dai ba ku saba ba ko kowa yana da abin da ya fi ɗan'uwansa da shi.

Mu gwada wannan a gidan da kake haya. Matar mai gida za ka ba ta ẹ, ta ba ka o, kuma kada ka ji haushin o ɗinta, domin ba raini ba ne, matsayin ɗa ta ba ka. Da za ta riƙa ce maka ẹ kullum, da alama ce ta cewa har yanzu baƙo kake a idonta, ɗan haya kawai. Jikokinta 'yan firamare kai ne za ka ba su o su ba ka ẹ, watakila su haɗa da bọda, wato yaya, ko malam. Idan ka ce musu ẹ za su yi dariya, su ɗauka wasa kake. Mai wuyar shi ne ɗanta da ya girme ka da shekara uku ko huɗu. A gidajen Yarbawa da yawa wannan tazara ta isa ƙani ya riƙa ce wa wansa ẹ, kuma ba zai kira sunansa gatsau ba sai da bọda a gaba, yayarsa kuma anti. Gida ya bambanta da gida, 'yan boko na Ikeja ba lallai su yi kamar mutanen da suka taso a ƙauyen Oyo ba, amma kai baƙo ka fara da ẹ. Idan ya mayar maka da o kuma bai ce komai ba, ya karɓi girman, sai ka ci gaba a haka. Idan ya mayar maka da ẹ, yana mutunta ka ne a matsayin magidanci mai sana'a, ku zauna a nan. Idan kuwa ya yi dariya ya ce ka bar wannan, to ya buɗe maka ƙofar abota. Abin lura shi ne daga sama ake buɗe ƙofar. Ƙarami ba ya yanke wa kansa cewa an saba. Faransanci ma haka: babba ne ko mai matsayi ke fara cewa a koma tu, har suna da aikatau na musamman, tutoyer da vouvoyer, don yin magana da ɗayan ko ɗayan. Abokinka idan ya isa iyakar Seme ya tarar da jami'i, vous ne nasa, ko da jami'in ya ce masa tu.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne inda ma'auni biyu suka yi karo, kuma Legas cike take da irin wannan. Manaja ɗan shekara talatin, direbansa ɗan shekara sittin. Shekaru sun ce manaja ya durƙusa, albashi ya ce direba ya durƙusa. Abin da aka fi yi shi ne kowa ya ba ɗan'uwansa ẹ, manaja ya kira direba Baba, direba ya kira shi oga. Manajan da ya ce wa irin wannan dattijo o bai karya dokar kamfani ba, amma duk ma'aikatan da suka ji sun gama yanke masa hukunci. Haka amarya a gidan Yarbawa na gargajiya: ana auna girmanta da ranar da ta shigo gidan, ba da ranar haihuwarta ba, don haka 'yan'uwan miji da ta tarar an riga an haifa, ko da ta girme su, ba ta kiran sunansu kai tsaye, sai ta laƙaba musu wani suna. 'Yan matanmu da ke auren Yarbawa a nan sukan sha mamakin wannan, ko da yake mu ma muna da makamancinsa a alkunyar dangin miji.

Sai kuma sauyi a tsakiyar zance, wanda ya fi kowace kalma magana. Mutum biyu da suka saba da ẹ, aka yi saɓani a tashar mota, ɗaya ya juya ya ce iwọ, to an tuɓe rigar mutunci, abin da zai biyo baya zagi ne. Akasin haka ma yana cizo. Aminai da suka shekara goma suna o, ranar nan ɗaya ya gaishe da ɗaya da ẹ kaarọ a sanyaye, ya sanar da shi cewa an ja baya. Uwa ma takan ce wa ɗanta ɗan shekara goma ẹ kaabọ sa idan ya dawo daga yawo da dare, kuma yaron ya san ba maraba ake yi masa ba. Mu ma mun san wannan gatsen, ranar da mahaifiyarka ta ce maka "sannu da zuwa, ranka ya daɗe" ka san akwai magana. Turawan Ingila sun taɓa yin irin wannan da harshensu. A shari'ar Walter Raleigh, wani babban mutum da aka zarga da cin amanar sarki, a 1603, lauyan gwamnati Edward Coke ya kira shi thou, wato "kai" na sa'a ko na ƙasa, ya kuma faɗa a fili cewa da gangan yake kiransa haka domin shi maci amana ne.

Wannan ya kawo mu ga Turanci, wanda mutane ke ɗauka bai taɓa samun bambancin ba. Ya samu. Thou shi ne na mutum ɗaya kuma na kusa, you na jam'i da girmamawa. Sai kowa ya riƙa tsoron kada ya ɓata wa wani, aka yi ta ba da you ga wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba, har a cikin ƙarni na 17 thou ya fice daga maganar yau da kullum ta yawancin mutane. Mabiya George Fox, wani mai wa'azin Kirista a Ingila, da ake kira Kwekas, sun nace sai sun ce wa kowa thou, har alƙali, domin a aƙidarsu mutane duka ɗaya ne a gaban Allah, kuma sun sha duka da wulaƙanci a kan haka. Wato you ɗin da ɗan makaranta ke ce wa shugaban makarantarsa yau, asalinsa na girmamawa ne, yawan rabawa ya sa ya zama ba na kowa ba. Giɓin da aka bari shi ake cikewa da kalmomin "sa" ga namiji, "ma" ga mace, da "oga" a titunan Legas. Buroka kuma ta samo una don jam'i, wanda ake danganta asalinsa da unu na Ibo.

Wani lokaci ma da gangan ake rusa tsarin, domin mutane sun gane cewa siyasa ce a cikin nahawu. A 1793 masu juyin juya halin Faransa sun matsa a riƙa ce wa kowa tu, abin bai daɗe ba vous ya dawo. A Suwidin kuwa ya kama: a 1967 Bror Rexed, da ya zama shugaban hukumar lafiya ta ƙasar, ya sanar da ma'aikatansa cewa du, wato kai, zai riƙa ce wa kowa, kuma cikin 'yan shekaru ƙasar kusan duka ta koma haka. Ba shi kaɗai ya jawo sauyin ba, jama'a sun riga sun gaji da tsohon tsarin laƙabobi, shi dai ya zo a kan gaɓa.

Abu ɗaya da yake rusa tunanin cewa na mutum ɗaya raini ne kawai shi ne addu'a. Babu wanda ya kai Allah girma, amma a Fatiha iyyaka muke cewa, Kai kaɗai, da lafazin mutum ɗaya, alhali a cikin Alƙur'ani Yana ambaton kansa da jam'in girma a wurare da yawa, kuma ɗan'uwanka mutum ɗaya kana yi masa sallama da alaikum. Fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 ma thou take ce wa Ubangiji, Jamusawa kuma du. A nan kaɗaitawa da kusanci sun rinjayi tazara. Saboda haka o na Yarbanci fuska biyu gare shi: daga bakin da bai dace ba raini ne, daga bakin da ya dace kuma shi ne kalmar da uwa ke kiran ɗanta da ita.

Game da uzurin baƙunta, yana nan amma yana ƙarewa. Sabon zuwa da ke harhaɗa kalmomi, kowa zai yi masa dariya ya wuce, kamar yadda mu ma ba ma fushi idan Bayarabe ya ce wa mace "ka zo" ko ya ce wa namiji "ki zauna", domin mun san harshensa bai raba jinsi ba. Amma da zarar Yarbancinka ya fara gudu, kana ciniki kana barkwanci, sai a daina ɗaukar o ɗinka a matsayin tuntuɓen harshe, a fara ɗaukarsa da niyya. Shekara biyu a Agege ta kai ka wannan gaɓa. Don haka kafin ka ƙara sababbin kalmomi, ka zauna da gaisuwa goma da ka fi yawan yi a rana, ka maimaita kowace a nau'i biyu har bakinka ya saba, ka fi ba da ƙarfi ga yin ɗin Yarbanci, domin shi ne wanda ba a koya wa kowa a kasuwa.